Yanayin wasa a talabijin: inda jinkiri ke fitowa da ayyukan da ake kashewa don a rage shi

Talabijin ta zamani ba ta nuna hoto nan take da ya iso mata. Tsakanin bakin HDMI, inda ake jona wayar da ke kawo hoto, da allo akwai furosesa da ke karɓar hoton, ta riƙe shi a ma'ajiya, ta yi masa gyare-gyare, sannan ta sake shi zuwa allo. Lokacin da wannan tafiya ke ɗauka shi ne jinkirin amsawa, kuma da milisakan ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Talabijin da ke nuna hoto bayan milisakan 10 zuwa 15 idan an saka ta a Game Mode, wato yanayin wasa da aka tanada don wasannin bidiyo, ita ce dai za ta iya kaiwa milisakan 80, ko ma ta wuce 100, idan an bar ta a yanayin kallon fim alhali duk gyare-gyarenta na kunne. Mutane da yawa suna ɗauka cewa yanayin wasa ƙara wa talabijin sauri yake yi, kamar an ƙara mata ƙarfi, amma ba haka al'amarin yake ba. Furosesar tana nan da saurinta na asali. Abin da ke canzawa shi ne an hana ta jira, domin mafi yawan jinkirin daga jira yake fitowa.

Kafin a gane dalilin jiran, sai an san yadda hoto ke tafiya a cikin waya. Na'urar wasa da ke fitar da sigina a kan 60Hz tana aiko da firam 60, ma'ana hotuna 60 masu bin juna, a kowace daƙiƙa, wato kowane firam yana da milisakan 16.7. Firam ɗin ba ya isowa a dunƙule. Layi-layi yake zuwa, daga saman hoto zuwa ƙasa, kuma isowarsa gaba ɗaya tana cinye kusan dukkan waɗannan milisakan 16.7. Shi ma allon layi-layi yake sabunta kansa, daga sama zuwa ƙasa. Saboda haka, idan talabijin ba ta riƙe komai ba, tana iya fara zana layin farko da zarar ya iso, tana bin siginar a baya-baya har zuwa layin ƙarshe. Masu gwaji sukan auna jinkiri a tsakiyar allo, kuma ko da talabijin ba ta ƙara komai ba, siginar 60Hz ba za ta kai tsakiyar allo ba sai bayan rabin firam, wato kusan milisakan 8.3. Wannan ke nuna cewa talabijin da aka auna ta ba da milisakan 10 a kan 60Hz ta kusa kaiwa iyakar abin da zai yiwu, don abin da ita kanta ta ƙara bai wuce milisakan biyu ba.

Daga nan ake iya raba gyare-gyaren hoto gida biyu, kuma wannan rabo shi ne ginshiƙin maganar baki ɗaya. Akwai gyaran da ke iya aiki da abin da ya riga ya iso, fiksel ɗaya, wato ɗigo ɗaya na hoton, ko 'yan layuka kaɗan, akwai kuma wanda ba zai iya yanke hukunci ba sai ya ga firam ɗin gaba ɗaya, ko ma firam ɗin da ke tafe bayansa. Na farko kusan kyauta yake. A siginar 1080p mai 60Hz, layi ɗaya yana ɗaukar kusan maikirosakan 15, kowanne kashi ɗaya cikin dubu na milisakan, don haka ko furosesa ta riƙe layi goma tana aiki a kansu, abin da aka rasa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milisakan ba. Na biyu kuwa da firam ake biyan farashinsa, kuma kowane firam da aka riƙe milisakan 16.7 ne cif. Lamarin ya yi kama da na tafinta: wanda ke fassara kalma bayan kalma yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da mai magana, wanda kuwa ya ce sai ya ji ƙarshen jimla, fassararsa za ta fi kyau, amma dole ya kasance a baya da jimla guda, komai kaifin basirarsa.

Babban mai laifi a cikin masu jira shi ne sulɓin motsi, wato aikin ƙirƙiro firam na tsakiya. Kowane kamfani da sunan da yake ba shi a cikin saituna: LG tana kiransa TruMotion, Sony tana kiransa Motionflow, Samsung kuma ta daɗe tana kiransa Auto Motion Plus. Aikin dai ɗaya ne. Talabijin tana ɗaukar firam biyu da ke jere, ta raba su ƙananan gidaje, ta nemo inda kowane gida na firam na farko ya koma a firam na biyu, ta auna nisa da alkiblar motsin, sannan ta zana sabon firam da ke nuna abin a tsakiyar hanya. Idan ƙwallo tana gefen hagu a firam na farko, ta kuma matsa fiksel 40 a na biyu, talabijin za ta ƙirƙiro hoton da ƙwallon ta matsa fiksel 20, ta cusa shi a tsakani. Da haka sigina mai firam 60 ke komawa 120 a kan allo, motsi ya yi santsi a ido.

Matsalar ita ce ba yadda za a yi a zana tsakiyar hanya ba tare da an san ƙarshenta ba. A ce firam na farko ya fara isowa a milisakan 0, ya kammala a 16.7. Na biyu zai fara daga nan, ya kammala a 33.3. Talabijin ba za ta iya gama lissafin firam na tsakiya ba sai na biyu ya shigo, kuma ba za ta saki na farko da wuri ta bar gurbi a bayansa ba, domin dole firam-firam su fito a jere da tazara iri ɗaya. Don haka sai ta riƙe na farko, ta jira na biyu, ta yi lissafinta, sannan ta fara nunawa. Ko da a ce lissafin ba ya cin lokaci ko kaɗan, an riga an rasa aƙalla firam guda. A zahiri kuwa lissafin yana cin nasa lokacin, kuma na'urori da yawa sukan duba firam fiye da biyu don su tabbatar da alkiblar motsi, su kuma gane abin da ya ɓuya a bayan wani abu sannan ya sake fitowa. Kowane ƙarin dubawa ƙarin riƙo ne, shi ya sa ba abin mamaki ba ne a ga wannan aiki shi kaɗai ya ƙara firam uku ko fiye. Idan wasan da firam 30 yake gudana, abin ya fi muni: na'urar wasa tana maimaita kowane hoto sau biyu don ta cike 60Hz, saboda haka sabon hoto na gaskiya ba ya zuwa sai bayan milisakan 33.3, kuma shi talabijin ke bukatar gani kafin ta ƙirƙiro na tsakiya.

Mai kallon fim ba ya jin komai daga wannan. Talabijin ta san yawan lokacin da ta riƙe hoto, sai ta jinkirta sauti daidai wannan gwargwado, baki da murya su haɗu, kuma babu wanda zai damu don fim ya fara kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a makare. Mai wasa kuwa yana cikin zagaye ne: ido ya gani, hannu ya danna, na'ura ta lissafa, allo ya nuna, ido ya sake gani. Duk jinkirin da aka saka a cikin zagayen nan, hannu ne ke ɗaukar nauyinsa. A wasan tseren mota, motar da ke gudun kilomita 200 a awa tana cinye kusan mita 55.6 a daƙiƙa. Idan talabijin ta riƙe hoto milisakan 100, abin da direba ke gani yana bayan inda motar take a cikin na'ura da kusan mita biyar da rabi, wato fiye da tsawon motar kanta. Ya ga alamar taka birki, ya taka a daidai lokacin da idonsa ya ce, amma motar ta riga ta wuce wurin. Idan jinkirin ya sauka zuwa milisakan 10, tazarar ta koma rabin mita da ɗoriya. Mutum yakan saba da jinkiri ba tare da ya sani ba, ya riƙa dannawa kafin lokaci, kuma wannan sabon ne ke sa wasu su rantse cewa ba sa jin bambanci, har sai ranar da aka kunna musu yanayin wasa suka ga suna riga kwana juya sitiyari.

Bayan sulɓin motsi, sai aikin gano tsarin fim. Ana ɗaukar fim da firam 24 a daƙiƙa, kuma idan za a aiko shi ta siginar 60Hz, ana maimaita firam ɗaya sau uku, na gaba sau biyu, a haka har ƙarshe. Talabijin tana lura da jerin firam da dama don ta gane wannan tsari na uku da biyu, ta kwance shi, ta dawo da fim ɗin kan tafiyarsa ta asali. Wasa ba shi da irin wannan tsari da ake bukatar kwancewa, don haka a yanayin wasa ana cire wannan mataki tare da ma'ajiyar da yake amfani da ita.

Rage dusar hoto shi ma yakan tafi. Nau'insa mafi inganci yana kwatanta fiksel ɗaya a firam da dama: idan launinsa yana rawa kaɗan-kaɗan alhali wurin ba ya motsi, to dusa ce, sai a daidaita shi. Akwai kuma gyaran da ke goge murabba'an da matse bidiyo ke bari, da wanda ke lallashe matakan launi a sararin sama ko a inuwa. Duk waɗannan an yi su ne don hoton da ya fito daga kyamara, ko wanda aka matse don ya bi ta eriya ko intanet. Hoton da na'urar wasa ta zana yanzu ta turo ta HDMI ba shi da dusar kyamara, ba a kuma matse shi irin matsin da ke ɓata hoto ba. A ganina wannan shi ne kashewar da ba a yin asarar komai a cikinta, hasali ma riba ake ci, domin rage dusa yakan ɗauki ƙananan zane na bango ko na ciyawa a matsayin dusa ya goge su. Banda guda ita ce wasan da ake yaɗowa ta intanet daga wata na'ura mai nisa, wanda hotonsa matsattse ne, amma shi ma ya riga ya ɗauko jinkirin hanya, bai da sararin ɗaukar ƙari.

Akwai abubuwan da yanayin wasa ba ya kashewa, kuma sanin su yana gyara zaton cewa hoton ɗanye yake fitowa. Faɗaɗa hoto yana nan daram, tunda allon 4K fiksel 3840 yake da su a kwance da 2160 a tsaye, kuma siginar 1080p dole a shimfiɗa ta a kansu ko ana so ko ba a so. Faɗaɗawa ta asali 'yan layukan da ke kusa kawai take bukata, don haka tana cikin masu araha. Abin da akan rage shi ne ƙarin kwalliyar da ke nazarin firam gaba ɗaya, ko firam da dama, don a ƙirƙiro ƙananan zane. Daidaita launi, daidaita fari, da lanƙwasar haske su ma suna nan, domin kowane fiksel ana canza shi ne shi kaɗai ta hanyar duba jadawalin da aka riga aka tanada. Wannan ne ya sa ba gaskiya ba ne a ce dole hoton yanayin wasa ya yi muni. Idan ya fito da shuɗi-shuɗi ko da kaifi fiye da kima, yawanci saitin da kamfani ya zaɓa ne a matsayin na farko, kuma ana iya mayar da zafin launi zuwa Warm, a rage Sharpness, ba tare da an ƙara jinkirin da za a ji ba.

Wurin da ake yin ciniki na gaske shi ne dushe hasken baya shiyya-shiyya a talabijin mai LCD. Irin wannan allo ba ya ba da haske da kansa, fitilu ne a bayansa, kuma a masu tsada an raba fitilun shiyyoyi don a dushe waɗanda ke bayan wuri mai duhu. Kafin a san yawan hasken da kowace shiyya za ta bayar, sai an ga abin da ke cikin yankinta da na maƙwabtanta, sannan a gyara fiksel-fiksel ɗin da ke gaba don su dace da hasken da aka zaɓa. A yanayin fim, talabijin tana riƙe hoton har sai fitilu sun shirya, su fito tare. A yanayin wasa ba ta da wannan sarari, don haka kamfanoni sukan bar aikin a kunne amma su sauƙaƙa shi. Alamominsa a bayyane suke ga mai lura: abu mai haske da ke gudu a kan duhu yakan riga haskensa isa, gefensa na gaba ya ɗan dusashe, ko a ga haske ya bazu a kewayensa fiye da yadda yake yi a fim, ko baƙi ya ɗan koma toka-toka. Yawan wannan ragi ya bambanta sosai daga samfuri zuwa samfuri. Allon OLED ba shi da wannan damuwa, domin kowane fiksel shi ke kunna kansa.

Hoton HDR, wato mai faɗin tazara tsakanin haske da duhu, yana da nasa batun, wanda ya fi shafar daidaito fiye da jinkiri. Talabijin takan matse haske mafi ƙarfi don ya shiga iyakar da allonta ke iya kaiwa, wasu kuma suna sauya wannan matsi daga fage zuwa fage. Amma wasa da kansa yana iya yin wannan aiki idan an gaya masa iyakar allon, kuma idan dukansu biyu suka yi, sai a matse hoton sau biyu. Zaɓin HGiG da ake gani a wasu talabijin, wanda ya samo suna daga ƙungiyar kamfanonin wasa da na talabijin da aka kafa a 2018, yana sa talabijin ta janye hannunta ta bar wa na'urar wasa aikin.

Tsofaffin na'urorin wasa suna nuna iyakar yanayin wasa ƙarara. Sigina irin ta 480i ko 576i rabin layuka take aikowa a kowane zuwa, layukan mara sannan na cika, kuma allon zamani ba ya iya nuna rabin hoto. Dole talabijin ta haɗa su, ko da an kunna yanayin wasa. Hanya mai kyau tana jiran rabi na gaba don ta gane inda ake motsi, hanya mai sauri kuwa tana cike layukan da suka ɓace daga na kusa da su, hoton ya ɗan yi rawa. Abin da ya fi ɓata rai shi ne na'urorin da suka fi waɗannan tsufa, masu fitar da 240p, wadda ba rabin hoto ba ce, amma talabijin da yawa sukan ɗauke ta a matsayin 480i su yi mata haɗin da ba ta bukata, a sami jinkiri da lalacewar hoto a tare. Shi ya sa masu irin waɗannan na'urori ke saka akwatin da ke ninka layuka a waje, ya miƙa wa talabijin siginar da ba sai ta haɗa ba.

Yanayin wasa kuma ba ya taɓa sauran sassan zagayen. Hannun wasa, musamman marar waya, yana da nasa ɗan jinkirin, wasan kansa yakan ɗauki firam biyu ko uku ko fiye tsakanin karɓar danni da fitar da hoto, wasan intanet kuma yana da jinkirin hanyar sadarwa. Saurin da fiksel ke sauya launi shi ma wani abu ne daban: shi ke haddasa jelar da ke bin abu mai motsi, kuma talabijin tana iya kasancewa mai ƙarancin jinkiri amma mai jan jela. Abin da ke rage jinkiri fiye da yadda yanayin wasa ya kai shi ne ɗaga sigina zuwa 120Hz, inda firam ke komawa milisakan 8.3, iyakar tsakiyar allo kuma ta sauka zuwa kusan 4.2.

Kuskuren da aka fi yi a aikace shi ne a ɗauka cewa kunnawa sau ɗaya ta wadatar. Talabijin da yawa suna ajiye saiti daban ga kowane bakin HDMI, kuma daban ga hoton SDR, wato na yau da kullum, da na HDR, don haka mutum yana iya saka yanayin wasa a babban shafin na'urarsa, wasa ya buɗe da HDR, talabijin ta koma wani yanayi ba tare da ya lura ba. Ƙa'idar HDMI 2.1, wadda ta fito a 2017, ta kawo ALLM don magance wannan: na'urar wasa tana aika alama, talabijin ta shiga yanayin ƙarancin jinkiri da kanta, ta fita idan alamar ta ɗauke. Sai dai idan siginar tana bi ta na'urar sauti kafin ta kai talabijin, kuma na'urar ba ta wuce da alamar, ALLM ba zai yi aiki ba, wasu na'urorin sautin ma suna da nasu gyaran hoto da ke ƙara riƙo. Akwai kuma zaɓuɓɓukan da ke dawo da jinkiri daga cikin yanayin wasan kansa, kamar Game Motion Plus na Samsung, wanda sulɓin motsi ne da aka rage masa nauyi, da cusa baƙin firam tsakanin hotuna, wanda a talabijin da yawa yake ƙara 'yan milisakan. Ga wasa mai firam 30 da ba ya bukatar saurin hannu, cinikin yana iya yin ma'ana, amma ba ga wasan faɗa ko na harbi ba.

Wanda ke son tabbatarwa da idonsa ba sai ya nemi na'urar gwaji irin ta Leo Bodnar ba, wadda ke aika walƙiya zuwa allo ta auna lokacin fitowarta. Waya mai ɗaukar bidiyo a hankali da firam 240 a daƙiƙa ta isa, tunda kowane firam nata kusan milisakan 4.2 ne. A saita ta yadda za ta ɗauki yatsa da allo a tare, a danna maɓallin da ke sa wani abu ya faru nan take, kamar tsalle, sannan a ƙirga firam daga lokacin da maɓalli ya nutse zuwa lokacin da hoto ya fara motsi. A ce an ƙirga 36 a yanayin fim, wato milisakan 150, aka kuma ƙirga 14 a yanayin wasa, wato kusan 58. Babu ɗaya daga cikin adadin biyu da yake jinkirin talabijin ita kaɗai, domin hannun wasa da wasan suna ciki, amma tunda su ba su canza ba, bambancin firam 22, kusan milisakan 92, shi ne abin da gyare-gyaren hoto ke ci. Ya kamata a maimaita gwajin kamar sau goma a ɗauki matsakaici, domin danni yana iya faɗawa a farkon firam ko a ƙarshensa, kuma wannan kaɗai yana iya sauya sakamako da milisakan 16 a wasa mai firam 60. Idan aka ga bambancin bai wuce firam ɗaya ko biyu na waya ba, to ko dai ALLM ya riga ya saka talabijin a yanayin ƙarancin jinkiri tun farko, ko kuma yanayin wasan bai kama a bakin HDMI da ake amfani da shi ba, kuma shafin bayanin sigina na talabijin shi ne wurin da za a fara dubawa.